Sunan wani kamfani ya fita a wasiƙar wani, ina zan duba?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da man gyaɗa a nan Maradi, ina tura wa 'yan kasuwa 300 wasiƙa ta Word, sunayen suna cikin Excel. Na sa «Kamfani» da «Suna» inda ya dace.

Jiya wani Alhaji a Zinder ya kira ni, ya ce takardarsa ta zo da sunan wani kamfanin Tahoua. Wallahi kunya ta kama ni, shekara 6 muna ciniki. Na tuna na jera layin Kamfani daga A zuwa Z, wataƙila shi kaɗai ya motsa, sauran suka tsaya. Har na adana a haka, kuma ba ni da tsohon kwafi.

Akwai yadda zan maido da tsarin farko? Don Aperçu des résultats ɗaya-ɗaya yake nunawa, kuma ban haddace kamfanin kowa ba.