Nicht ko kein? Malami ya ce kuskure ne, maigida ya ce daidai ne

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Kaduna, ina shirin jarrabawar Jamusanci ta A1 saboda bizar bin maigida. Akwai malamin da nake biya naira 40,000 a wata. Ya ba ni aikin rubuta gajeriyar wasiƙa, in sanar da malamar aji cewa ba zan zo gobe ba, kuma littafin da ta ce a saya bai zo hannuna ba. Na rubuta *Ich habe das Buch nicht*. Ya ja masa jan biro ya mayar da shi *Ich habe kein Buch*, wai duk inda suna yake *kein* ake sawa, *nicht* na aikatau ne kawai. Haka ma *Ich kann nicht Auto fahren*, ya mayar *Ich kann kein Auto fahren*. Da na tura wa maigida sai ya ce nawa ne daidai, amma da na ce ya faɗa mini dalili sai ya ce shi dai haka yake ji a bakin mutane. Ranar Asabar kuɗin wata zai cika. In sake biyan malamin nan ko in nemi wani? Kuma wa ke da gaskiya a jimlolin nan biyu?

Sadiq_Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin ba wuya. *Kein* na suna, *nicht* na aikatau. *Ich habe kein Geld*, *ich komme nicht*. Da wannan na ci jarrabawata.

Maman Ilham: Malam Sadiq, ai abin da malamin ya faɗa ke nan. Tambayata a kan *das Buch* take.

Ɗan Maraɗi: 40,000 a wata? Mu nan jaka 15 muke biya, sau uku a sati, har da shayi.

Baban Walid: Ƙanwata, ki rabu da malamin nan tun kafin ya jefa ki inda aka jefa ni. Da irin wannan dokar ta “suna sai *kein*” na shigo Jamus. Na je wani ofishi a kan maganar takardun zama, bayan na daɗe ina jiran ranar da suka ba ni. Matar da ke kan tebur ta ce *Haben Sie den Mietvertrag?*, wato takardar hayar gida. Ina da ita, a gida na baro ta cikin wata jaka. Na ce mata *Ich habe keinen Mietvertrag*, har ina jin daɗi na sa *keinen* daidai. Ta ɗago ta kalle ni, ta fara jero tambayoyi: a ina nake kwana, wa ke da gidan, ya aka yi na yi rajistar adireshi. Ni ban gane me ya tayar da maganar ba, sai *ja, ja* nake ta cewa. A wurinta na faɗa mata ba ni da takardar haya kwata-kwata. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ba ni wata rana can gaba da jerin takardun da ba a taɓa nema a wurina ba, har da wasiƙa daga mai gidan, mutumin da ko waya ba ya ɗauka. Aikin da aka yi mini alkawari a wani sito ya wuce ni saboda takardata ba ta fito ba. Sai daga baya wani ɗan Togo da muke sallah tare ya ce abin da ya kamata in ce shi ne *Ich habe den Mietvertrag nicht dabei*, ba ta tare da ni yanzu. Malamin da ya koya mini yana can yana karɓar kuɗin mutane har yau. Allah ya isa.

Ummu Sudais: Subhanallahi. Amma ita ma matar ba ta kyauta ba, ai tana ganin baƙo ne, sai ta sake tambaya.

Baban Walid: Anti, wa zai sake tambayarki? Mutum nawa ke zaune a layi?

Ango_Hamburg: Ni dai *kein* ɗaya na riƙe tun da na zo, *kein Geld*. Shi nake faɗa wa 'yan gida duk ƙarshen wata, kuma ba wanda ya taɓa gyara mini.

Malama Hadiza: Maman Ilham, a jimlar farko ke ce da gaskiya. Dokar malaminki rabi ce. Kafin ki kore jimla, ki fara faɗinta ba korewa, ki dubi abin da ke gaban sunan. In *ein* ne, ko babu komai, *kein* za ki sa. *Ich habe ein Buch* ya koma *Ich habe kein Buch*. *Ich habe Zeit* ya koma *Ich habe keine Zeit*. In kuwa *der, die, das* ne a gabansa, ko *mein, dein*, ko sunan mutum ko na gari, to *kein* ba shi da wurin zama, don kujerar da zai hau akwai mai ita. Sai *nicht*: *Ich habe das Buch nicht*, *Das ist nicht mein Mann*, *Ich kenne Amina nicht*.

Mu ma muna da wannan bambancin. “Ba ni da littafi” daban, “ba ni da littafin” daban. Na farko *kein Buch* ne, ko ɗaya ba ki da shi. Na biyu littafin da ke da malamar kuka sani ne, shi ne *das Buch nicht*. Jimlar malaminki Jamusanci ce lafiyayya, sai dai ba abin da kike nufi ta faɗa ba. Irin abin da ya sami Baban Walid ke nan.

Sadiq_Zariya: Malama, da girmanki, amma a A1 ba wanda zai kayar da ita a kan wannan. Kalma wajen 30 ce wasiƙar, abu uku ake so ki taɓo, maki 60 cikin 100 kuma an ci. Kada a rikita ta.

Baban Walid: Kai ka taɓa zama a Jamus? Wanda bai taɓa tsayawa gaban teburin ofishi ba ya bar ba da shawara.

Sadiq_Zariya: Yaya, ni da takardar shaida nake magana. Akwai masu shekara goma a can da har yau *ich nix verstehen* suke yi.

Ango_Hamburg: Sadiq, in da ni kake ka kira sunana.

Malama Hadiza: Sadiq bai yi ƙarya ba, da wuya wannan kaɗai ya kayar da ita. Amma ba don jarrabawa kawai take koyo ba, can za ta zauna. Kuma inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe ma ba a zaɓin ba ne, a wutsiyar *kein* ne. Yana canzawa kamar *mein*. Sunan namiji in shi aikin ya faɗa wa, *keinen* ne: *Ich habe keinen Termin*, *keinen Hunger*, *keinen Pass*. Na mace da jam'i *keine*: *keine Zeit*, *keine Kinder*. A sashen magana za a ba ki kati mai kalma ɗaya ki yi tambaya, na kusa da ke ya amsa, ke ma a tambaye ki. In aka ce *Haben Sie einen Bruder?* ki saurari *einen* ɗin, ki ɗora masa k kawai: *Nein, ich habe keinen Bruder*. Tambayar ce ke ba ki amsa.

Nafisa_Accra: To *Auto fahren* ɗin fa? Ni a ajinmu an koya mana *Ich fahre nicht Auto*, amma matar yayana Bajamushiya ce, da kunnena na ji ta ce *Ich kann kein Auto fahren*.

Malama Hadiza: Duka biyun ana ji. A *Auto fahren* sunan ya manne da aikatau har sun zama kamar abu ɗaya, tuƙi, shi ya sa *nicht* ya zauna daidai, kuma shi nake koyarwa. Haka *Fußball spielen*: za ki ji *Ich spiele nicht Fußball*, za ki ji *Ich spiele keinen Fußball*. Wanda ba gardama a kansa shi ne mallaka, *Ich habe kein Auto*. Don haka bai kamata malamin ya soke nata ba, amma nasa ma ba zan kira shi kuskure ba.

Nafisa_Accra: Ni fa a kunnena akwai bambanci. *Kein Auto* kamar ana cewa mota ce ban iya ba, amma babur na iya.

Malama Hadiza: Zai iya ba da wannan in kika danna murya a kan *Auto*. Amma na sha jin masu faɗinsa ba tare da nufin haka ba.

Ibro Mai Waya: Salam. Ni abin da na sani *nichts* shi ne “babu”. *Ich habe nichts*. Ki yi amfani da shi ki huta.

Ummu Sudais: Malam Ibro, wannan “ba komai” ne, kalma ce daban. In ta rubuta haka malamar za ta zaci gobara suka yi.

Sadiq_Zariya: Tun da an zurfafa, ni ma ga tawa. An ce ba a haɗa *nicht* da *ein*, amma na ga *Ich habe nicht ein Kind, sondern zwei*.

Malama Hadiza: Wannan ƙirga ake yi, *ein* ɗin “ɗaya” ne, ana gyara adadi. In ka ce *kein Kind* ka ce ba ka da ɗa ke nan. Haka *Ich spreche kein Deutsch* da *Ich spreche nicht gut Deutsch*: a ta biyu *gut* aka kore. Maman Ilham, ta biyun za ki riƙa faɗa, in kika faɗi ta farko sai su nemo miki tafinta.

Ɗan Maraɗi: Har yanzu 40,000 ɗin ne ke damuna.

Ummu Sudais: Ai da sauƙi ma. Ni 60,000 na biya a Abuja, kuma ta waya ne, mu takwas.

Sadiq_Zariya: An cuce ki Anti. 25,000 ne a Zariya, ido da ido.

Ummu Sudais: Na 25,000 ɗin ne ya koya maka “suna sai *kein*”?

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, musamman Malama Hadiza. Amma har yanzu ba a ce mini in biya ko kada in biya ba. Gaskiya mutumin yana da haƙuri, kuma shi kaɗai na samu da ke zuwa gida.

Baban Walid: Na faɗa miki tun farko.

Nafisa_Accra: Ni tambayata, shi maigidan me ya hana shi zama ya koya miki? Nawa ma haka ya yi mini. Yana can yana Jamusanci da abokan aiki safe da yamma, amma in na tura masa jimla ya duba sai ya turo mini babban yatsa. Na ce *keinen* ko *kein*, ya ce duk wanda na sa za a gane.

Ummu Sudais: Wallahi duk halinsu ɗaya. Kuɗin malami za su turo, amma minti goma a waya sai a ce an gaji. Ranar da kika faɗi jarrabawa kuma dangi su ce ke ce ba ki da kai.

Ango_Hamburg: Ku yi mana adalci. Mu a bakin inji muka koya, ba wanda ya taɓa ce mana ga dalili.

Nafisa_Accra: To ku riƙa cewa ba ku sani ba mana. Ni sai da na je wurin matar yayana na gane ashe jimlolin da yake cewa “daidai ne” ko buɗe su ba ya yi. Maman Ilham, naki yana buɗewa kuwa, ko shi ma yatsa yake turowa?