Saƙon banza ne ke cinye min batir

Nasiru: Jama'a na gaji. Wanda ya haɗa min VPN na WireGuard don in riƙa duba kyamarar shago ya sa `PersistentKeepalive = 25`, wato wayar ta riƙa aika ɗan saƙo duk sakan 25. Na kwanta da caji 80, na tashi asuba da 55, ban taɓa wayar ba. Wannan saƙon banza in kashe shi ne ko yaya?

Injiniya Bala: Ka janye kalmar banza, Nasiru. Tsakanin wayarka da sabar akwai NAT na kamfanin layi. In ka aika fakiti yana buɗe maka ƙofa don amsa ta dawo, in ya ji shiru na wani lokaci sai ya rufe. Wannan saƙon ne ke hana shi rufewa. Sakan 25 ɗin kuma ba daga ka aka ciro shi ba, akwai rawutoci masu mance UDP a sakan 30.

Auwal Mai Gyara: Yallaɓai ai banza ne, tunda babu komai a cikinsa. Amma ba shi ne ke shan caji ba. Bayit 60 ne duk da kayansa, sau 3,456 a kwana ɗaya, kilobayit 200 da 'yan kai. Hoto ɗaya ya fi shi nauyi.

Injiniya Bala: Lissafinka daidai ne, amma na data ne. Kuma babu komai a ciki daban, babu amfani daban.

Auwal Mai Gyara: A Hausar da na tashi da ita, buhun da babu komai a ciki buhun banza ne.

Hajiya Rabi: A'a Auwal, wannan wofi ake ce masa. Banza shi ne abin da ba ya tsinana komai.

Auwal Mai Gyara: Hajiya, wofi da banza ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Sadiya: Ni tawa haka ta riƙa yi bara, ashe batirin ne ya kumbura har murfin baya ya ɗaga. Ɗan'uwa ɗora ta a kan tebur ka ga ko tana lilo.

Nasiru: Wata huɗu da saye, 'yar'uwa. Daren da na kashe VPN, kashi 4 kawai ta sauka.

Injiniya Bala: Ka ji ko, Auwal? Girman saƙon ba shi ne matsala ba, tashin da yake sa rediyon wayar ke yi ne. A 4G, in waya ta aika ko da bayit ɗaya, ba ta komawa barci nan take. Tana zama a haɗe da eriya wajen sakan 10, ko wani abu zai biyo baya. To duk sakan 25 kana tashinta, goma a farke, kusan kashi 40 na daren ke nan. In ka mayar da shi 120, goma cikin 120 ne, bai kai kashi 10 ba. In kuma sabis ɗin ɗakinka sanda ɗaya ne, wayar sai ta ƙara ƙarfi kafin eriya ta ji ta. A Wi-Fi abin bai kai haka ba ko kusa.

Kabiru: Shi ya sa ban bar OpenVPN ba. Shekara shida ban taɓa kuka ba.

Auwal Mai Gyara: Buɗe fayil ɗinka ka gani, `keepalive 10 120` ne a ciki. Duk sakan 10 taka take tashi.

Kabiru: Kai da kake sayar da batir, dole ka so na mutane ya mutu.

Auwal Mai Gyara: Gyara nake yi, ban taɓa sayar wa kowa jabu ba. Ka iya bakinka.

Hajiya Rabi: Ku yi wa Allah ku bari.

Injiniya Bala: Nasiru, tambaya ɗaya ce. Wa ke fara magana? In kai ne ke buɗe kyamara ka duba, sa 0. Fakitinka na farko zai sake buɗe ƙofar da kansa. In kuwa sabar ce ke nemanka, ko duk intanet ɗinka ta tanel yake bi, wato `AllowedIPs = 0.0.0.0/0`, kashewa na iya sa saƙonni su makara sai ka kunna fuskar waya. A nan gwaji za ka yi. Taƙaita `AllowedIPs` zuwa adireshin shago da na sabar na cikin tanel kaɗai don kada wasu manhajoji su ɓata awon, sa 60, bar wayar a kan data, sannan daga sabar:

```
ping -c 3 10.0.0.2
```

Ka sa adireshin wayarka na cikin tanel. Ka maimaita jefi-jefi, kana barin mintuna a tsakani. In kullum tana amsawa, hau 90, sannan 120. Inda ta fara yin shiru, koma na bayansa. Wani layin kuma awonsa daban.

Nasiru: Ni ne nake dubawa, amma ina so ta sanar da ni in wani ya shiga da dare.

Injiniya Bala: To sanarwar ta wace hanya take zuwa, ta tanel ko ta manhajar kyamarar?

Auwal Mai Gyara: Bari in tattara. An yarda saƙon babu komai a cikinsa, an yarda ba ya cin data, Injiniya da bakinsa ya ce a sa 0. Ke nan banza ne, kamar yadda na faɗa tun farko.

Hajiya Rabi: Ba haka ya ce ba, kuma kai cewa ka yi ba ya shan caji.

Nasiru: Yallaɓai ban sani ba wallahi. A ina zan duba?