Me zan rubuta a ƙarƙashin sunana a LinkedIn don ƙungiyoyi su gane aikina?

'Yar Damaturu: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara. Na karanci ƙididdiga, na gama bautar ƙasa, kuma na yi ayyukan wucin gadi na tattara bayanai kan lafiya da abinci mai gina jiki a Yobe da Borno, da manhajar KoboToolbox muke aiki. Ina kuma sayar da turaren wuta. Burina aikin sa ido da tantance ayyuka a ƙungiyoyin agaji, amma shiru kake ji, ba wanda ya taɓa tuntuɓa ta. Ga abin da na sa a Headline:

```
Passionate Graduate | CEO | Data Enthusiast | Seeking Opportunities
```

Mai Sola: Wa alaikumus salam. Malama, ki goge duka, ki fara da "I help". Ni na rubuta cewa ina taimaka wa asibitoci da makarantu a Kaduna su rage kashe kuɗin dizal ta hanyar haɗa musu sola. Tun da na sauya, masu turo min saƙo suna zuwa ne da tambayar farashi, ba gaisuwa kawai ba.

Hajiyar Ofis: Amin wa alaikumus salam, ƙanwata. Ɗaukar ma'aikata shi ne aikina, bari in gaya miki yadda layin nan naki yake isowa gabana.

Idan muna neman mutum, ba shafinki nake fara buɗewa ba. Sunan aikin nake rubutawa a akwatin bincike, kamar M&E Assistant, wato mataimaki a aikin sa ido da tantance ayyuka, in danna People, in zaɓi jiha a Locations. Sai jerin mutane ya fito: hoto, suna, layin da ke ƙarƙashin suna, da gari. A nan nake yanke wanda zan buɗe da wanda zan wuce. To ki duba naki da idona. Ba sunan aikin da na rubuta a ciki, ba fannin lafiya, ba Yobe, ba KoboToolbox. CEO kuma yana sa in ɗauka kina da kamfaninki, ba ki buƙatar albashinmu. Ban raina sana'ar turare ba, wallahi ita ke riƙe gidaje da yawa, amma masu sayenta suna WhatsApp da Instagram, ba su ne kike nema a nan ba. Shi kuwa "Seeking Opportunities" buƙatarki yake faɗa min, bai faɗa min abin da zan samu idan na ɗauke ki ba. Akwai wurin da aka ware wa wannan, wato Open to work, har za ki iya zaɓar Recruiters only idan ba ki son koren zoben nan a hotonki.

Haruffa 220 aka ba ki, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, sai dai ba duka ake gani ba. Idan kika yi sharhi a ƙarƙashin rubutun wani, ko kika tura neman ƙulla alaƙa, a waya kalmomin farko kaɗai ke fitowa, sauran a yanke. Don haka sunan aiki ya zo farko, sai su wa kike wa aikin da kuma ina, sannan kayan aiki. Da ni ce ke:

```
M&E Assistant | Health & nutrition surveys for NGOs in Yobe & Borno | KoboToolbox, Excel | Hausa, Kanuri, English
```

Kusan rabin abin da aka ba ki ke nan, kuma ya isa. Na sa Kanuri ne a kan zato, in ba ki ji ki cire. In kuwa kina ji, kada ki kuskura ki ɓoye shi. Wadda za ta zauna a tabarma da uwa a Bama ko Gaidam ta tambaye ta abin da ɗanta ya ci jiya ba tare da tafinta ba, ita nake fara kira.

Malam Mai Sola, shawararka ta dace da kai, domin kai kwastoma kake nema, shi kuma matsalarsa ta dizal ita ce a ransa. Ita albashi take nema, mu kuma da sunan muƙami muke bincike. Idan ta fara da "I help", mafi tsadar wuri a layin ya tafi kafin a kai ga sunan aikin.

Mai Sola: Na gane, Hajiya. Amma ko ni sai da na sa Solar Installer a ƙarshe. Ke nan gara in dawo da shi farko?

Hajiyar Ofis: Ka dawo da shi, sannan asibitoci da makarantu su biyo baya.

Baban Ilham: Ni dai shawarata ta sa hoto mai kyau da farin bango, kuma takardar bayanan aikinta kada ta wuce shafi biyu. In tana so akwai yaron da ke tsarawa a unguwarmu.

Malamin Lissafi: Hajiya, a gafarce ni, akwai inda ban gamsu ba. Malamar nan ba ta ce ta taɓa riƙe muƙamin M&E Assistant ba. Tattara bayanai ta yi, wato Enumerator. Idan aka kira ta ganawa aka ce ta bayyana yadda ake bibiyar ma'aunan cimma buri ko rubuta rahoton wata-wata, ta tsaya tana kallonsu, ai layin ya cuce ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni a ganina ta fara da Enumerator ɗinta, shi ma ana nemansa.

Hajiyar Ofis: Malam, maganarka tana kan hanya. Sai dai idan ta rubuta Enumerator kaɗai, aikin sati biyu za a yi ta kiranta, alhali ita gaba take son yi. Ya danganta da abin da hannunta ya taɓa. Ƙanwata, bayan cike fom a waya, kin taɓa gina fom da kanki, ko tsaftace bayanan da aka tara, ko duba aikin wasu?

'Yar Damaturu: Na gode, Hajiya. A aiki na ƙarshe ni ke duba fom ɗin ayarinmu kowace yamma kafin a tura. Ina zazzage bayanan zuwa Excel, in cire wanda aka shigar sau biyu, in mayar wa mutum nasa idan nauyin yaro bai yi daidai da shekarunsa ba. Gina fom da XLSForm kuwa yanzu nake koyo. Kuma ina jin Kanuri, yaren mahaifiyata ne.

Hajiyar Ofis: To kin ga, wannan duba ingancin bayanai ne, kuma babban ɓangare ne na aikin da kike nema. Ki buɗe tallan aiki kamar goma a Jobs ko a ReliefWeb, ki ga wane suna ya fi maimaituwa, domin wasu ƙungiyoyin M&E suke rubutawa, wasu MEAL. Wanda ya rinjaya shi za ki ɗauka. Bayan kin sauya, ki riƙa leƙa Search appearances a sashen Analytics na shafinki. Mako-mako yake nuna sau nawa kika fito a bincike da irin mutanen da suka gan ki. Idan bayan wata guda har yanzu ba mutanen ƙungiyoyi ba ne, kalmar farko ce ba ta zauna ba. XLSForm kuma ki bar shi tukuna sai kin gina fom guda da aka yi aiki da shi.

Malamin Lissafi: Ni har yanzu ina kan bakata game da Assistant, muƙami ne da ake ba mutum a takarda. Amma idan ta ambaci fannin ba tare da ta ɗora wa kanta muƙamin ba, ba ni da ja.

'Yar Damaturu: Allah Ya saka muku da alheri. Ga wanda na sa yanzu:

```
M&E Data Collection & Quality Checks | Health & nutrition surveys, Yobe & Borno | KoboToolbox, Excel | Hausa, Kanuri, English
```

Hajiya, tambaya ɗaya ta rage. Da zan sami aiki a Abuja ko Sakkwato zan je. Ambaton Yobe da Borno ba zai sa su tsallake ni ba?