Karin maganar da za mu rubuta a ƙyallen gangamin ba da jini

Sakataren_Ɗalibai: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu za ta yi gangamin ba da gudunmawar jini a harabar jami'a, kuma muna so takenmu ya zama karin magana. Kwamiti ya rabu biyu: wasu na son "Jini ya fi ruwa kauri", wasu "Ba a fafe gora ranar tafiya". Wanne ne zai fi tsayar da ɗalibin da ke sauri zuwa lacca?

Hauwa_Adabi: Wa alaikumus salam. Na farkon ya fi daɗin gani saboda kalmar jini tana ciki, amma ku duba inda ake faɗinsa. Ana faɗinsa ne idan mutum ya fifita ɗan'uwansa a kan bare. Jinin da ke cikinsa na dangi ne. Ku kuma abin da kuke roƙon ɗalibi shi ne ya kwanta a ɗebi jininsa a kai wa wanda bai taɓa gani ba, ba kuma zai taɓa sanin sunansa ba. Wanda ya karanta ya fahimce shi daidai zai ce, to bari in adana nawa sai ranar da ƙanwata ta buƙata. Kun ga karin maganar ta yi muku aiki a baibai.

Ɗan_Injiniya: Anti Hauwa, ai adanawar ba laifi ba ce. Ni ma haka nake gani. In na bayar yau, gobe wani nawa ya kwanta, me zan ba shi? Jini ba ya dawowa sai an shekara.

MalamLab: Ɗan'uwa, ba ya kai shekara. Abin da muke ɗiba leda ɗaya ce, mililita 450, a jikin da ke ɗauke da kusan lita 5. Ruwan jinin yana cikowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Abin da ya fi jinkirin dawowa shi ne sinadarin ƙarfe, shi ya sa ake cewa namiji ya jira wata uku, mace wata huɗu, kafin a sake.

Amma ga abin da ya sa nake bayan gora. Mutane suna zaton in ɗan'uwa ya zo, daga hannunsa ake zarcewa da jinin zuwa hannun majinyaci. Ba haka ake yi ba. Sai an auna ƙarfin jininsa tukuna, an duba rukuninsa, an yi gwajin ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere, sannan a haɗa ɗan samfurinsa da na majinyacin a ga ko sun karɓi juna. Wannan aikin sa'o'i ne, ko da komai ya tafi daidai. Kuma sau da yawa ba ya tafiya daidai: a cikin 'yan'uwa uku da suka zo a guje, za ka tarar rukunin ɗaya bai dace ba, ɗaya jininsa bai kai ba, na ukun zazzaɓi bai daɗe da sakinsa ba. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ba ta da waɗannan sa'o'in. Ledar da ke cetonta ita ce wadda wani ya bayar makon jiya, aka gwada, aka sa a firij. Wanda ya taɓa ganin yadda ake fafe gora ya san sai an yanke baki, an ƙwaƙule cikin, an jiƙa ɗacin ya fita, an shanya. Da wuya a samu karin maganar da ta yi kama da aikinmu kamar wannan.

Maman_Ilham: Wallahi Malam ka taɓa min inda ke min ciwo. Shekara biyu ke nan yayata ta haihu da tsakar dare. Aka ce mu nemo leda biyu. Ina tsaye a baranda da waya a hannu, na kira mutum goma sha ɗaya, huɗu suka ɗauka. Mijinta ya kwanta aka ɗiba, muna zaune muna jiran sakamako, ni kuma ina leƙen tafin hannunta ya yi fari fat kamar takarda. Allah Ya sa aka samu leda ɗaya a ajiye, ita aka fara ɗaura mata. Har yau ina yi wa mai jinin nan addu'a ban san ko wane ne ba.

Sai dai duk da haka kalmar "tafiya" tana tsorata ni. A gefen gadon ɗibar jini a rubuta "ranar tafiya"? Wani zai ɗauka tafiyar da ba a dawowa ake nufi. Ɗalibin da ma tsoron allura yake ji.

Hauwa_Adabi: Ban yi wannan tunanin ba, kuma da gaskiyarki, muna cewa wane ya yi tafiyar da ba dawowa. Amma duk mai jin Hausa ya san karin maganar a dunƙule yake jin ta, ba ya tsinka ta kalma-kalma. Ina ganin layi na biyu zai rufe ƙofar: "Ba a fafe gora ranar tafiya: ba da jini yau, kafin a nema."

Bash_Kimiyya: Ni dai "Da ruwan ciki ake jan na rijiya" nake ba ku shawara. Ai ana cewa a sha ruwa sosai kafin a bayar, ko ba haka ba?

Hauwa_Adabi: Ƙanena, ruwan ciki a nan ba ruwan sha ba ne kawai. Ana nufin sai da ɗan abin da kake da shi a hannu kake samo wanda ya fi shi. A kan ƙyalle, wasu za su karanta shi kamar an ce ba da jini ka samu wani abu, alhali kyauta kuke nema.

MalamLab: Ma'anar ta kuɓuce masa, amma shawarar tasa tana da kyau, ku liƙa ta a teburin rajista. Yawancin waɗanda jiri ke ɗiba a irin wannan gangami ɗalibai ne da suka fito lacca ba su karya ba, suka tashi zumbur da an zare allura. A ci abinci, a sha ruwa, a zauna kamar minti goma sha biyar bayan an gama. Ku kuma rubuta sharuɗɗan a fili don kada mutum ya yi layi a banza: shekara 18 zuwa sama, nauyi kilo 50 aƙalla. Mai AS da ke da lafiya yana iya bayarwa, mai sikila ba ya bayarwa.

Akwai kuma inda goran kansa ya gaza. Gora in an fafe shi, ya shekara a rataye. Jini kuwa kwana 35 zuwa 42 ne a firij, daga nan ya tashi aiki. In kuka tara leda ɗari biyu rana ɗaya kuka watse hutu, bayan mako shida kamar ba a yi ba. Ku tambayi ma'ajiyar jinin da za ta karɓa leda nawa take iya gwadawa ta rarraba, ku raba gangamin kowane zangon karatu, ku karɓi lambobin waɗanda suka yarda a sake kiransu.

Ɗan_Injiniya: To ashe "Da yayyafi kogi kan cika" ya fi dacewa ke nan, tunda kaɗan-kaɗan ake so kuma a kai a kai.

Maman_Ilham: Wannan ya fi kwanta min. Babu tsoro a cikinsa.

Hauwa_Adabi: Babu tsoro, amma babu gaggawa kuma. Mai karanta shi zai ce to yayyafin wasu ma ya isa, ya wuce abinsa.

Sakataren_Ɗalibai: Na gode ƙwarai. Na soke na jini da ruwa. Na gora da na yayyafi zan buga su a takarda in nuna wa 'yan ajinmu gobe ba tare da bayani ba, in ji abin da kowa ya fahimta da "tafiya". Malam, in mun yi a makon da ke gab da jarrabawa, akwai matsala ga masu kwana karatu?