"Shari'a mace ce da ciki": har da hukuncin shugabannin kasuwa?

Ɗan Panteka: Jama'a, ina bin wani abokin sana'a naira 900,000 kuɗin ƙarafa tun bara. Na ce zan kai shi kotu, Baba ya ce shari'a mace ce da ciki, in bari shugabannin kasuwa su raba mu. Me maganar ke nufi, kuma kotu kaɗai ta shafa?

Hajiya daga Tudun Wada: Jinkiri ake nufi, ɗana. Tamu ta gado sai da ta shekara biyu ana ɗage zama. Ai ta ma fi ciki daɗewa.

Malamin Rigasa: Hajiya, ba daɗewar ba ce, ba a san abin da za ta haifa ba ne. Alƙali da hujja yake aiki: mai da'awa ya kawo shaidu, wanda ya musa ya yi rantsuwa. Kana da gaskiya, ba ka da shaida, sai ka fito hannu rabbana. Ka je wajen dattawan, sulhu alheri ne.

Wani lauya: Allah gafarta Malam, fassararka daidai ce, amma ba duk zaman dattawa ne sulhu ba. Ɗan'uwa, tambaye su tun farko: sasantawa za su yi ko yankewa? In sasantawa ce, magana na hannunku. Misali ya ba ka 300,000 yanzu, sauran 600,000 yana biyan 100,000 duk wata har wata shida. Bai yi maka ba, ka tashi, ƙofar kotu na nan.

In kuwa kun rubuta cewa duk abin da suka yanke kun yarda, wannan tahkimi ne, shi ma cikin ne da shi. Suna iya cewa an dawo maka da wasu ƙarafan, 600,000 kawai kake bi, kuma ya hau kanka. A kotu kana ɗaukaka ƙara, nan babu. Dokar tahkimi ta Najeriya ta 2023 ta ba ka wata uku ka roƙi kotu ta soke hukuncin, kan dalili irin na an hana ka kare kanka ko sun yanke abin da ba a kai musu ba. "Sun yi kuskuren lissafi da hujjata" ba ya ciki.

Malamin Rigasa: To in da baki aka yarda? Mu nan da wuya a rubuta.

Wani lauya: Kotu na karɓar hukuncin dattawa na al'ada, amma sai ka tabbatar da cewa da yardarku aka je kuma kun amince zai ɗaure ku. In ya musa, wata sabuwar shari'ar ce. Ko sulhun ma a rubuta adadi da ranaku, ku sa hannu gaban shaidu.

Ɗan Panteka: Na gode. Matsalar, shugaban layinmu surukinsa ne.

Wani lauya: To kada ka ba shi yankewa. Ku zaɓi wanda ku biyu kuka yarda da shi.

Hajiya daga Tudun Wada: Ni kuwa da surukin zan fara, kunyarsa abokin naka yake ji.