Fuskar Baba ta koma kore: hira a zauren masu hoto na Ringim

Nura Taura: Salamu alaikum 'yan zaure. An ba ni hoton wani dattijo a garinmu, jikokinsa suna so a mayar da shi kamar zanen katun a buga a sitikar walimar sauka. Na buɗe shi a manhajar gyaran hoto ta GIMP, na shiga Colors > Posterize na sa 4. Sai fuskar Baba ta koma toka-toka, gefen kuncinsa kuma kore shar kamar ganyen rama. Kuma bai yi kama da katun ba ko kaɗan. A taimaka, jibi ake son aikin.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Nura, katun mai motsi suke so? In shi ne ba za ka gama jibi ba, ɗana ya kwana uku a kan na minti ɗaya.

Nura Taura: A'a Anti, hoto ne tsayayye, na sitika.

Isiya Kwamfuta: Huɗu ta yi kaɗan, shi ne kawai. Kai ta 20, koren zai tafi.

Malam Habu Babura: Zai tafi kam, Isiya, amma katun ɗin ma zai bi shi. A 20 ido ba ya raba shi da hoton asali. Nura, ka san kowane ɗigo na hoto launi uku ne a haɗe, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Da ka sa 4, ka ce wa kowanne ya zaɓi ɗaya cikin 0, 85, 170 da 255, wanda ya fi kusa da shi. Ɗauki Color Picker ka taɓa goshin Baba a hoton asali, ka kuma taɓa kuncin da ya yi kore, ka turo min lambobin.

Nura Taura: Goshi 100, 62, 45. Kunci 90, 55, 38.

Malam Habu Babura: To ga ta nan. A goshi, 100 ta faɗa 85, 62 ta hau 85, 45 ma ta hau 85. Uku sun zo daidai, shi ne tokar da ka gani. A kunci kuwa 90 da 55 sun tafi 85, amma 38 ta fi kusa da sifili, sai shuɗin ya mutu gaba ɗaya. Ja da kore ba shuɗi, launin da ka kira ganyen rama ke nan. Fatarmu lambobinta a ƙasa suke cunkushe, matakin farko da na biyu ne kawai ke rabonta, shi ya sa lambar da ka gani ta yi kyau a hoton Bature take ɓata namu. Sa 6. Matakan za su zama 0, 51, 102 har zuwa 255, goshi da kunci duka su faɗa 102, 51, 51.

Nura Taura: Allah ya saka da alheri Malam, fata ta dawo, ko da yake ta ɗan yi ja. Amma har yanzu kamar hoton da ruwa ya taɓa. Ba layi.

Malam Habu Babura: Rabin aikin ka yi. Wannan ya shafe maka launi ya kwanta fili-fili, kamar an yi fenti. Baƙin layin da ke kewaye da fuska da hula wani aiki ne daban. Koma hoton asali, ka yi masa Duplicate Layer ya zama leya biyu, na ƙasa ka yi masa Posterize ɗin nan na 6. A na sama ka cire launi da Colors > Desaturate, sannan Filters > Edge-Detect > Edge, ka bar shi a Sobel. Abin da yake yi shi ne ya gwada hasken maƙwabtan kowane ɗigo, dama da hagu, sama da ƙasa. Inda bambancin ya yi yawa, kamar inda farar hula ta haɗu da goshi, sai ya ja layi. Zai fito fari a kan baƙi, ka juya shi da Colors > Invert, ka bi da Colors > Threshold don toka-tokar ta tafi, ya rage baƙi da fari zalla. Daga nan ka mayar da Mode na leyar zuwa Multiply. Farin zai ɓace, launin ƙasa ya bayyana, baƙin layi ya zauna a kai.

Isiya Kwamfuta: Ni a kan wanda na riga na rage wa launi nake cire layin, ya fi fitowa ɓaro-ɓaro.

Malam Habu Babura: Yana fitowa, har da wanda babu shi. Duk inda mataki ɗaya ya ƙare wani ya fara, a tsakiyar kunci ko goshi, zai ɗauka iyaka ce ya ja layi. Mutum ya koma kamar taswirar gonaki.

Isiya Kwamfuta: A hoton mota da shago dai yana min kyau.

Nura Taura: Malam na yi. Layi ya fito, amma ya yi yawa. Katangar laka da ke bayansa ta cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero, aikin wuyan babbar rigar kuma ya dunƙule ya zama baƙi ƙirin.

Hadiza Gumel: Wannan ya sha cina da atamfar amare. Kafin ka nemi layi sai ka ɗan dusashe hoton. Ni Filters > Blur > Median Blur nake sawa, radius 3 ko 4 a hoton da faɗinsa ya kai ɗigo 1500, don yana cinye ƙananan tabo ya bar manyan iyakoki da kaifinsu. Leyar launi ma ka yi mata haka kafin Posterize, in ba haka ba bakin kowane fili zai yi zaƙo-zaƙo. Katanga kuwa kada ka wahalar da kanka, ɗauki farin burushi ka shafe ta a leyar layi. Sannan wata tambaya, ta ina hoton ya zo maka?

Nura Taura: Ta wasof aka turo, shi ma wanda ya turo turo masa aka yi.

Hadiza Gumel: Ka ji wata matsalar. An matse shi, kuma matsewar tana barin ƙananan murabba'ai na ɗigo takwas-takwas da ido ba ya lura da su, amma mai neman layi yana ganinsu sarai. Ka zuƙo hoton sosai a wajen katangar, in ka ga dara-dara to su ne. Ka ce wanda ya ɗauka ya turo shi a matsayin Document.

Anti Rabi: Ni dai a waya nake danna abu ɗaya ya yi min duka, ban san wannan dogon zance ba.

Hadiza Gumel: GIMP ma yana da Filters > Artistic > Cartoon, Anti, amma duhun gefe kawai yake ƙarawa, ba ya kwantar da launi. Nura, game da jan da ka ce fata ta yi, ni na daina Posterize a fuska. Image > Mode > Indexed nake zuwa, in ce launi 12, in kashe dithering, wato barbaɗa ɗige-ɗige don cakuɗa launi, sannan in dawo RGB. Shi daga cikin hoton yake tsintar launukan, ba zai ƙirƙiro kore a fata ba.

Malam Habu Babura: Hanya ce mai kyau, Hajiya, sai dai in farar riga da katanga suka cinye hoton, su za su kwashe yawancin sha biyun, fuska ta tashi da biyu. Sai an yanke bayan tukuna.

Hadiza Gumel: Biyu ko uku ai sun ishi fuskar katun, Malam.

Nura Taura: An turo na asalin, na yi Median Blur 4. Katanga ta yi fes, layin ya ɗan sirance na ƙara masa kauri da Filters > Generic > Erode sau ɗaya. Sai dai tsagar da ke kuncin Baba ta ɓace, kuma da ita kowa ya san shi.

Malam Habu Babura: Siririya ce, dusashewar ta ɗauke ta a matsayin tabo. Rage zuwa 2 a fuska kaɗai, ko ka zana ta da hannu a leyar layi.

Isiya Kwamfuta: Ka fara tambayar jikokin, wasu cewa suke a goge.

Nura Taura: Bari in kira babban jikan, wuta ma ta ɗauke, batirin ya rage kashi 18.