Wane suna za mu ba zanen da Turawa ke kira mayin-maf?

Malamin gona, Argungu: Assalamu alaikum. Na dawo daga wata bita a kan noman shinkafa da shafi 7 na rubutu a hargitse, maganar taki a nan, farashin buhu a can, ambaliyar 2020 a gefen shafi. Na rubuta kowace magana a ƙaramar takarda, suka kama 43, sannan na kasa su kashi-kashi a kan tabarma, kowace kusa da 'yar uwarta. Kashi biyar suka fito: iri, ruwa, taki, maɓarnata, da kasuwa. Daga nan na kwantar da babbar takarda, na rubuta "shinkafa" a tsakiya, na ja layuka biyar masu kauri, kowanne da ƙananan layuka masu ɗauke da kalma ɗaya ko biyu, misali FARO 44 a ƙarƙashin iri, jan-baki a ƙarƙashin maɓarnata. Ina son koya wa shugabannin manoma wannan dabara, amma ba ni da sunanta da Hausa.

Ɗalibar jami'a, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, Malam. Mu "taswirar tunani" muke cewa, kuma ina ganin ta isa, tunda taswira tana nuna inda kowane abu yake da hanyar da ta haɗa shi da wani.

Wani dattijo, Jega: 'Yata, ni da na ji "taswirar tunani" na ɗauka hoton ƙwaƙwalwa ne irin na asibiti. In likita ne ke yin abin, me ya kai shi hannun manoma?

Malamar Hausa, Gusau: Baba, ba likita a ciki, amma ruɗewarku hujja ce a kan kalmar. Taswira a kunnen Bahaushe ta ƙasa ce, mai gabas da yamma, alhali a wannan zane ba kome in reshen ruwa ya koma hagu ko dama, abin lura kawai shi ne wane ya fito daga jikin wane. Tony Buzan, wanda ya yayata dabarar a talabijin ɗin BBC a 1974, ya gina ta ne a kan batu guda a tsakiya da rassa masu bazuwa daga gare shi. Saboda haka na fi son "bishiyar tunani", domin tana zuwa da sauran kalmomin aikin kyauta: batun tsakiya shi ne gindi, sai manyan rassa da ƙanana, kuma mai koyarwa yana iya cewa "sare wannan reshe" kowa ya gane.

Malamin gona: Malama, akwai inda bishiyar ta ba ni wahala. Takardar "tsadar fetur" ta ƙi zama wuri ɗaya, domin a noman rani fetur ne ke tayar da injin ban-ruwa, don haka ta ruwa ce, kuma shi ne ke ƙara kuɗin kai buhu kasuwa. Na bar ta a ruwa, na ja ɗigo-ɗigo daga nan zuwa kasuwa. Reshen bishiya kuwa ba ya komawa ya manne da wani.

Ɗalibar jami'a: To ai ga sunan ya fito, "saƙar gizo", tana da tsakiya kuma zarenta yana haɗuwa ta ko'ina.

Malamar Hausa: Ƙanwata, rabin maganarki daidai ne. Zanen da layukansa ke sarƙewa, ana rubuta irin dangantakar a kan kowane layi, wani abu ne dabam wanda Joseph Novak ya tsara a jami'ar Cornell a 1972, kuma shi ya fi cancantar sunan saƙa. A namu zanen, layi ɗaya ko biyu masu tsallaka rassa ba laifi ba ne, amma in suka yi yawa, alama ce cewa kashin farko bai yi ba. Haka nan in aka buɗe reshe mai suna "sauran abubuwa" ya fi kowanne kauri, ko reshe ɗaya ya kwashe takarda 20 wani yana da 2, sai a koma kan tabarma a sake kasawa. Malam, da a ce akwai takardun bashi da ladan 'yan ƙwadago da suka rasa wurin zama, da sai ku buɗe reshen "kashe kuɗi", fetur ya samu gidansa a can.

Malamin gona: Akwai su kuwa, guda 4, na cusa su ne a kasuwa don rashin wuri. Rassan sun zama shida ke nan.

Dattijon Jega: Yanzu na gane, irin zanen salsala ne da malamai ke yi wa zuriya, sai dai shi daga kaka yake gangarowa, wannan kuwa daga tsakiya. Amma mutanenmu na ƙauye "icce" suke cewa.

Malamin gona: Haka ne, Baba. Ranar Asabar zan rubuta "bishiyar tunani" a allo, in ce "iccen tunani" da baki, sannan in gwada "taswira" a rukuni na biyu, in ga wanda ba sai na yi dogon bayani ba.